Yadda Ake Gyara Zama Gaban Kwamfuta Don Rage Gajiyar Ido

Gajiyar da ido ke yi a gaban kwamfuta ko waya tana zuwa ta hanyoyi biyu mabambanta, kuma wanda bai rarrabe su ba yakan ɓata lokaci yana gyara abin da ba shi ne ya lalace ba. Akwai gajiyar da ake ji a waje, a saman ƙwayar idon: yaji-yaji, zafi, jin kamar an watsa yashi, ja, wani lokaci har da zubar hawaye. Akwai kuma wadda ake ji a ciki: nauyi a bayan ido ko tsakanin girare, ciwon goshi da ke tasowa bayan awa biyu ko uku na aiki, da ganin dishi-dishi na ɗan lokaci idan an ɗaga kai daga allo an dubi nesa. Ta farko daga bushewar ido take fitowa, ta biyu kuwa daga wahalar da tsokokin ido ke sha wajen riƙe gani a kusa. Matakan da ke biye an jera su ne bisa tsarin da ya fi dacewa a bi, domin gyaran farko yakan sauƙaƙa na bayansa.

Mataki na farko: gane irin gajiyar da ke damun ka

Kafin ka taɓa kujera ko allo, ka ba kanka kwana biyu ko uku kana lura. Duk lokacin da rubutu ya fara yi maka hazo-hazo, ka ƙifta ido sosai sau uku ko huɗu, ka sake dubawa. Idan rubutun ya washe nan take, sannan bayan 'yan daƙiƙu ya sake dusashewa, to matsalar bushewa ce. Idan ƙiftawar ba ta canja komai ba, amma ja da baya kaɗan ko rufe ido ɗaya ya kawo sauƙi, to matsalar tana wajen tsokoki ne ko kuma wajen buƙatar tabarau.

Dalilin bushewar mai sauƙin fahimta ne. Mutum yana ƙifta ido kusan sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana zaune yana hira, amma da zarar ya zura wa allo ido sai adadin ya ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, kuma yawancin ƙiftawar da ta rage ba ta cika ba, wato fatar ido ta sama ba ta saukowa har ta taɓa ta ƙasa. Kowace cikakkiyar ƙiftawa tana shimfiɗa sabon ruwan hawaye a kan ƙwayar ido, tana kuma matso ɗan maiƙo daga ƙananan kafofin da ke jere a bakin fatar ido, maiƙon da ke hana ruwan ƙafewa da wuri. Idan wannan shimfiɗa ta tsattsage, gani yakan ɓaci, idon ya yi zafi. Abin da ke rikita mutane da yawa shi ne idon da ya bushe yana iya zubar da hawaye, domin zafin ne ke tayar da hawayen gaggawa, irin wanda ke kwarara ba tare da ya zauna ya jiƙa idon ba.

Mataki na biyu: auna tazara, sannan ka ƙara girman rubutu

A nan ya kamata a fi daɗewa, domin a nan yawancin matsalar take. A cikin ido akwai wani ɗan gilashi mai laushi da wata zagayayyiyar tsoka ke sarrafawa. Idan ana kallon nesa tsokar a sake take, idan kuma ana kallon kusa sai ta ɗaure domin gilashin ya ƙara kauri. Masu gwajin ido suna auna wannan aiki da ma'aunin da suke kira diyofta, lissafinsa kuma ba shi da wuya: ana raba 1 da tazarar abin da ake kallo a mita. Abin da ke nesa da mita 6 yana buƙatar kusan diyofta 0.17, wato kusan babu aiki. Allon da ke santimita 65 yana buƙatar kusan 1.5, wanda ke santimita 40 yana buƙatar 2.5, wayar da aka riƙe a santimita 25 kuwa tana cin 4 cur. Tare da wannan, idanu biyun suna karkatowa ciki domin su haɗu a wuri ɗaya, kuma gwargwadon kusancin abu, gwargwadon ƙarfin karkatowar. Saboda haka tafin hannu guda na tazara da ka ƙara yana rage aikin da tsokokin za su yi na tsawon awa bakwai ko takwas.

Tazarar da ake so tsakanin ido da allon kwamfuta ita ce santimita 50 zuwa 70. Ka zauna yadda ka saba zama idan aiki ya yi nisa, bayanka jingine da kujera, ka miƙa hannu: ya kamata kan yatsanka na tsakiya ya taɓa allon da ƙyar. Ya fi kyau ka yi amfani da tef ɗin awo, ka kuma sa wani ya auna maka a lokacin da ka shagala da aiki, domin kusan kowa yana zama daidai idan ya san ana duba shi, sannan ya sunkuya gaba da ya manta.

Sunkuyawar nan tana da dalili, kuma dalilin shi ne ƙanƙancin rubutu. Wanda ya tura allo baya bai ƙara girman rubutu ba, cikin minti goma wuyansa zai bi allon. Don haka gyaran biyu tare suke tafiya. Ka ɗora rula a kan allon ka auna tsayin babban harafi guda a cikin rubutun da ka fi karantawa. A tazarar santimita 60 zuwa 65 ana so ya kai milimita 3 zuwa 4. Idan bai kai ba, a kwamfuta mai Windows ka shiga `Settings`, sannan `System`, sannan `Display`, ka ɗaga `Scale` daga 100% zuwa 125% ko 150%. A cikin manhajar shiga intanet kuma, danna `Ctrl` tare da `+` yana ƙara girman shafi. Akwai wani gwaji da ba ya buƙatar rula: ka ja kujera baya har tazarar ta ninka sau biyu. Idan a nan ba ka iya karanta rubutun, to a wurin zamanka na kullum ma idonka yana aiki ne dab da iyakar ƙarfinsa.

Sai tsayin allo. Bakin allon na sama ya kasance daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, ta yadda tsakiyarsa za ta sauka kusan santimita 10 zuwa 13 ƙasa da saitin ido, sannan a ɗan kwantar da shi baya kaɗan domin ya fuskanci fuskarka. Amfanin duban ƙasa-ƙasa shi ne fatar ido tana rufe wani sashe na ƙwayar, sai wurin da iska ke busarwa ya ragu. Allon da aka ɗaga sama da kai yana sa ido ya buɗe gaba ɗaya yini guda, shi ya sa masu fama da bushewa sukan sami sauƙi da zarar an sauke shi.

Laftof tana da aibi tun daga ƙirarta, domin allo da kibod a haɗe suke: idan hannu ya ji daɗi, ido da wuya sun sha wahala, idan an tura ta baya kuma hannu ba ya kaiwa. Wanda zai yi awanni yana aiki da ita ya ɗora ta a kan abin ɗagawa ko tarin littattafai, ya haɗa mata kibod da linzami na daban. Waya kuwa a riƙe ta aƙalla santimita 35 zuwa 40 daga fuska, dogon karatu kuma a mayar da shi kan babban allo ko takarda idan da hali.

Mataki na uku: daidaita hasken ɗaki da na allo

Ƙa'idar guda ɗaya ce: kada hasken allo da hasken abin da ke kewaye da shi su yi nisa da juna sosai. Ido yana sake saita kansa duk lokacin da ya tashi daga wuri mai haske zuwa mai duhu, kuma idan bambancin ya yi yawa mutum yakan kanne ido ko ya tsuke gira ba tare da ya sani ba, wanda hakan kansa yana rage ƙiftawa, yana kuma kawo ciwon goshi.

Gwaje-gwaje uku sun isa. Na farko, ka kashe allon ka dube shi kamar madubi daga inda kake zama. Duk taga ko ƙwan lantarki da ka hango a cikinsa, yana nan a kan rubutunka ko da allon na kunne, yana wanke baƙin harufa. Na biyu, ka kunna allon ka kare saman idanunka da tafin hannu kamar mai hangen nesa a rana. Idan ka ji sauƙi nan take, to akwai fitila a sama ko taga a gabanka da ke dukan idonka kai tsaye. Na uku, ka buɗe farin shafi a allon, ka riƙe farar takarda a gefensa. Idan allon ya zama kamar fitila kusa da takardar, haskensa ya yi yawa; idan ya yi toka-toka, ya yi kaɗan. Ka yi ta gyarawa har su yi kusan daidai. Wannan gwaji na uku ana maimaita shi idan hasken ɗaki ya canja, domin saitin da ya dace da tsakar rana ya yi yawa da dare.

Game da taga, mafi kyawun wuri shi ne ta kasance a gefenka, allon yana tsaye a gicciye da ita. Taga a bayanka tana faɗowa a kan allo, taga a gabanka kuwa tana sa allon ya zama duhu a tsakiyar haske. Inda ba a iya juya tebur, labule ko makarin taga mai sanduna ya wadatar. Hasken da aka saba so a ofis shi ne laks 300 zuwa 500 a ma'aunin hasken wuri, kuma mai aiki da allo zalla ya fi jin daɗin ɓangaren ƙasa na wannan adadi. Wanda ke haɗa allo da takardu ya nemi fitilar tebur da za ta haska takardar kawai, ya kuma jingine takardar a tsaye kusa da allon a tazara ɗaya, domin idon ya daina canja saiti sau ɗaruruwa a yini.

Ɗalibai sukan faɗa ɗaya ɓangaren, wato karatu a ɗaki mai duhu don kada a dami wanda ke barci. Idan ba makawa, a kunna ƙaramar fitila a bayan allon tana haska bango, a rage hasken allon sosai. Mayar da allo baƙi da rubutu fari yana taimaka wa wasu a irin wannan yanayi, amma a ɗaki mai haske baƙin rubutu a kan fari ya fi sauƙin karantawa ga yawancin mutane.

Kada a manta da iska. Fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da ke hura fuska kai tsaye tana busar da ido fiye da yadda ake zato, kuma juya bakinta zuwa wani gefe yana cikin gyare-gyaren da sakamakonsu ke fitowa a rana ɗaya.

Mataki na huɗu: hutu da ƙiftawa

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ta 20-20-20: bayan kowane minti 20, a dubi abin da ke nesa da ƙafa 20, wato kusan mita 6, na tsawon daƙiƙa 20. Lissafin da ya gabata ya nuna hikimar mita 6, domin a nan ne tsokar ido take sakewa kusan gaba ɗaya. Ni dai ba na ɗaukar lambobin a matsayin abin da ba ya motsi. Sauƙin tunawa ne babban amfaninsu, kuma wanda ya yi daƙiƙa 30 bayan minti 25 bai yi asarar komai ba. Kuskuren da ke rushe hutun shi ne a tashi daga kwamfuta a ɗauki waya, domin an bar aikin diyofta 1.5 ne an koma na 3 ko 4.

A cikin waɗannan daƙiƙu ka haɗa da ƙiftawa ta ganganci: ka rufe ido a hankali har fatun biyu su haɗu, ka tsaya daƙiƙa biyu, ka ɗan matse kaɗan, ka buɗe, ka maimaita sau biyar. Bayan awa biyu na aiki a jere kuma a ɗauki hutu na kusan minti 15, a tashi daga kujera gaba ɗaya. Tun da babu wanda ke tuna agogo idan aiki ya ɗauke shi, ko dai a saita ƙararrawa, ko a ɗaura hutun a kan wani abu da ke maimaituwa a cikin aikin, kamar ƙarshen kowane shafi ko kowace takarda da aka kammala. Hanya ta biyu ta fi ɗorewa, domin ƙararrawar da ke katse tunani ba ta daɗewa kafin a kashe ta.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara akwai wata ma'aikaciyar lissafi mai shekara 44, wadda ba ta taɓa sa tabarau ba, tana aiki awa bakwai a kan laftof mai allon inci 14. Kullum wajen ƙarfe biyu na rana goshinta ke fara ciwo, lambobi su riƙa haɗewa, da yamma kuma idanunta su yi ja. Da aka auna, tazarar idonta da allo santimita 40 ce, tsayin babban harafi bai wuce milimita 2 ba, akwai taga a bayan allon, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana hura mata fuska.

Shekarunta suna da muhimmanci a lissafin. Ƙarfin da ido ke da shi na ganin kusa yana raguwa da shekaru saboda gilashin cikin ido yana taurara: matashi ɗan shekara 20 yana da diyofta 10 ko fiye, amma a tsakiyar shekarun arba'in abin da ya rage kusan 4 ne. Masu gwajin ido suna aiki da ƙa'idar cewa mutum yana jure dogon aiki ne idan bai wuce kusan rabin ƙarfinsa ba, wato 2 a wajenta. Allonta yana neman 2.5, ya zarce abin da za ta iya riƙewa cikin sauƙi, shi ya sa take iya aiki da safe amma ta gaza da rana. Da aka ɗora laftof ɗin a kan abin ɗagawa a santimita 65, buƙatar ta sauko zuwa 1.5. An haɗa kibod na daban, an ɗaga `Scale` zuwa 150% har harafin ya kai milimita 3, an juya teburin tagar ta koma gefe, an karkatar da iskar.

Abin da ake sa rai cikin mako ɗaya ko biyu shi ne jan ido da yaji-yajin su ragu da wuri, ciwon goshin kuma ya ja baya ko ya ɓace. Idan har yanzu takardun da take karantawa a hannu suna ba ta wahala, to lokacin tabarau ya yi, kuma a nan akwai abin lura. Tabaran karatu yawanci ana yanka su ne don tazarar kusan santimita 40, saboda haka suna iya sa allon da ke santimita 65 ya yi hazo, mai su ya koma sunkuyawa. Tabarau mai hawa biyu kuma sashen kusa yana ƙasa ne, sai mutum ya riƙa ɗaga haɓa yana leƙa allo, wuya ya ɗauki ciwon. Maganin shi ne ta tafi wurin gwaji da adadin da ta auna a rubuce, ta faɗi yawan awannin da take yi a wannan tazara, domin a yanka mata gilashin da ya dace da allon ko a ba ta shawarar sauke shi ƙasa.

Ɗalibi ɗan shekara 20 da ke cikin irin wannan zama ba zai gaza ta wannan hanya ba, domin yana da ƙarfi mai yawa a ajiye. Abin da ya fi samun sa shi ne tsokar ta daɗe a ɗaure har ta yi jinkirin sakewa, ya ɗaga kai ya ga nesa dishi-dishi na wasu daƙiƙu ko mintuna. Idan hakan yana wucewa bayan hutu, hutun ne maganinsa. Idan kuwa nesa ta zauna da hazo har da safe bayan barci, sai a gwada idon.

Magungunan ɗigawa da tabaran shuɗin haske

Idan bushewa ta ci gaba bayan duk waɗannan gyare-gyare, ruwan ɗigawa mai jiƙa ido, wanda ake kira hawayen roba, yana taimakawa. Wanda zai ɗiga fiye da sau huɗu a rana ya nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin kansa yana iya fusata ido idan ya yi yawa. A guji masu cire jan ido nan take, domin jijiyoyin jini kawai suke tsukewa, kuma jan yakan dawo fiye da da idan an saba da su. Mafi haɗari su ne masu ɗauke da sitiroyid, wani sinadarin rage kumburi: amfani da su ba tare da kulawar likita ba yana iya ɗaga matsin cikin ido har ya kai ga gilakoma, cutar da ke lalata jijiyar gani, yana kuma iya kawo yanar ido. Masu sa gilashin da ake liƙawa a kan ƙwayar ido sun fi kowa saurin bushewa, kuma komawa tabarau a ranakun dogon aiki yakan ba su sauƙi.

Tabaran da ake tallatawa don tare shuɗin haske ba su cikin matakan nan. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansu, bai ga alamar suna rage gajiyar ido fiye da tabarau na yau da kullum ba. Hakan ya dace da abin da aka bayyana a sama, tun da ba sa canja tazara, ba sa kuma sa mutum ya ƙifta.

Lokacin da gyaran tebur bai isa ba

Gajiyar allo tana da alama guda da ake gane ta da ita: tana ƙaruwa da aiki, tana raguwa da hutu, kuma yawanci barcin dare yana share ta. Idan an yi mako biyu ana bin matakan nan ba a ga canji ba, a je a yi cikakken gwajin ido, domin ƙaramin kuskuren gani da ba a taɓa lura da shi ba, ko rashin haɗuwar idanu biyu yadda ya kamata a kusa, sukan ɓuya har sai dogon aikin allo ya fito da su. Ganin da ke canjawa daga rana zuwa rana tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari yana buƙatar gwajin sukari.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: raguwar gani farat ɗaya, ganin abu biyu-biyu da ba ya wucewa, ciwo mai tsanani a ido ɗaya tare da ja da ganin zobe kewaye da fitila, walƙiyar haske ko ɗigon baƙaƙen abubuwa masu yawo da suka bayyana kwatsam, wani abu kamar labule da ya rufe gefen gani, ko ciwon kai mai tada mutum daga barci tare da amai. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya tafi wurin likitan ido ko sashen gaggawa a ranar.